Shawara: Ciniki na tafiya, amma kuɗin shago ba sa cika

Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne, ina da ɗan shagon kayan masarufi a Tudun Wadan Zariya. Da yake ina wurin aiki har bayan Azahar, ɗan yayata ne ke riƙe min shagon tare da wani yaro da na ɗauka. Alhamdu lillahi ana ciniki, amma duk daren da na ƙirga kuɗi sai in ga kamar ba su kai yadda kaya suka ragu ba. In na tambaya sai a ce wasu taransifa suka yi, wasu kuma bashi suka ɗauka. Makon jiya kifi da yogot ɗin da ke cikin firiza suka lalace, alhali maƙwabta sun ce an kawo wuta cikin dare. Wata safiya kuma na tarar kwaɗo ɗaya a rataye ba a danna shi ba. Zuciyata ta fara zargin ɗan yayar tawa, ga shi ina jin nauyin mahaifiyarsa. In sallame shi ne, ko yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sallame shi yanzu, kada kuma ka kai wa yayarka maganar tukuna. Abin da ke hannunka a yau zato ne, kuma in ka tsaya gabanta ta ce nawa ya ɗauka, ranar yaushe, ba ka da amsa. Idan yaron mai gaskiya ne ka zalunce shi ka kuma ɓata zumunci, idan kuwa yana taɓa kuɗin, zai rantse ya fita, wanda za ka kawo a bayansa ya tarar da ƙofar nan a buɗe. Abin da shagonka ya rasa shi ne tsayayyen tsarin rufewa da buɗewa, wanda abin da aka rubuta da dare shi ake tabbatarwa da safe, kullum, ba fashi. Ka ba tsarin nan mako biyu zuwa uku, zai nuna maka inda kuɗin ke zurarewa.

Mu fara da dare, domin a nan aikin yake. Yawancin kuskuren rufe shago gaggawa ce ke kawo shi: an kira sallar Isha'i, kowa ya gaji, a tattare kuɗi a cusa a aljihu, a ja ƙofa. Ka sa lokacin daina sayarwa ya zama rabin awa kafin lokacin tashi. A jawo ƙofa rabi, mutum ɗaya ya tsaya a baki, ɗaya ya zauna a ciki inda mai wucewa ba zai hango hannunsa ba. Duk wanda ya zo sayen maganin sauro ko sukari a wannan lokacin, in dole sai an sayar masa, a rubuta shi a shafin gobe, a ware kuɗinsa gefe, kada a zuba su cikin waɗanda ake ƙirgawa.

Abu na farko da za ka yanke shi ne kuɗin canji. Ka ware adadi ɗaya da ba ya canzawa, a ce naira 20,000, a ƙananan takardu, 'yan hamsin, ɗari, ɗari biyu da ɗari biyar. Da su ake buɗe shago kowace safiya, su ake fara cirewa kowane dare. In yau an buɗe da dubu goma sha bakwai, gobe da ashirin da uku, jibi ba wanda ya sani, to babu lissafin da zai taɓa fita, ko da akanta ka ɗauko.

Abu na biyu littafi ne, irin na 'yan makaranta mai kauri ya isa, shafi ɗaya ga kowace rana. Duk abin da aka sayar a rubuta shi da kuɗinsa, a gefe kuma a sa alamar yadda aka biya: tsaba, taransifa, kati a na'urar POS, ko bashi. Na san za ka ce a lokacin cunkoso wa zai tsaya rubuta ashana da alawa. Gaskiya ne, don haka ƙananan kaya a riƙa haɗa su a rubuta jimla duk bayan ɗan lokaci, amma duk abin da ya kai naira ɗari biyar a rubuta shi nan take. A ƙasan shafin a bar wuri biyu: na kuɗin da aka fitar daga durowa, da na tsohon bashin da aka zo aka biya. Waɗannan biyun su ne ake yawan mantawa, kuma su ne ke sa a zargi wanda bai ji ba bai gani ba.

Bari in kwatanta maka da rana ɗaya. A ce littafi ya nuna an yi cinikin naira 186,500. A ciki, 74,000 taransifa ce, 31,500 da kati aka biya, 12,000 bashi ne. In ka cire ukun nan, tsabar da ta shigo daga cinikin ranar ita ce 69,000. An fitar da 9,000, na man janareta da kuɗin mai baro da abincin yara, saura 60,000. Wata mata ta kawo 5,000 na bashin makon jiya, ya zama 65,000. Ka ɗora kuɗin canji 20,000, to abin da ya kamata a tarar a durowa shi ne 85,000. Wannan lambar a fitar da ita a rubuta kafin a taɓa kuɗin. In aka fara ƙirga kuɗi sannan aka koma littafi, hannu yakan gyara rubutu ya dace da abin da aka gani, ko da ba da mugun nufi ba.

Sai a ƙirga, kowace takarda da 'yan uwanta, 'yan dubu daban, 'yan ɗari biyar daban, a rubuta adadin kowane kashi. Mutum na biyu ya sake ƙirgawa. A ce an samu 81,500. Giɓin 3,500 ke nan, kuma yanzu kana da abin nema, ba sauran "ina ganin kamar". Kafin a ɗaga murya, a bi hanyoyi uku. A duba ko akwai cinikin 3,500 daidai da aka yi wa alamar tsaba alhali taransifa aka yi. In haka ne za ka ga asusun banki ya fi littafi da wannan adadin, kuɗinka na nan ba su ɓata ba. A tambaya ko an fitar da wani abu ba a rubuta ba, kamar kuɗin mai gadi, ko na mai shara, ko kai kanka ka biyo ka zari na cefane. Sannan a duba ko an ba wani canjin dubu a kan ɗari biyar, wanda yakan faru da magariba in haske ya yi ƙasa. In ba a gano ba, a rubuta giɓin a shafin yadda yake, mutum biyun su sa hannu, a tafi gida. Kada a cike shi daga aljihu don shafi ya yi kyau, domin tarihin giɓin nan shi ne zai yi maka magana nan gaba.

In kuɗi suka fi lissafi, kada ka yi murna. Rarar 4,000 a durowa na nufin an sayar da kayan da ba a rubuta ba, kuma wurin da ake sayarwa ba a rubutawa, a nan ne wata rana za a sayar a sa a aljihu ba wanda ya sani.

Maganar taransifa tana buƙatar a ɗan tsaya a kanta, don tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ta zama babban kaso na cinikin shaguna da yawa. Ƙa'ida ɗaya ce: kaya ba sa fita sai kuɗi sun bayyana a asusun shago. Hoton rasit a wayar mai saye ba shaida ba ce, saƙon tes ma ana ƙirƙirarsa. Abin dubawa shi ne jerin shige da ficen kuɗi a cikin manhajar bankin ko a kan na'urar kanta. Ka buɗe wa shagon asusunsa na kansa, ka rubuta lambar a kwali ka manna a kanta, ka hana karɓar kuɗin shago a asusun kowane yaro, ko da sabis ya ɗauke. Wannan hanyar, ta "turo nan, zan mayar", ita ce mafi sauƙin ɓatar kuɗi, kuma sau tari ba da niyyar sata take farawa ba. Kuɗin ne ke cakuɗewa da na yaron, ya sayi kati, ya manta. Da dare a buɗe jerin ranar a bi shi layi-layi da littafi, kowace taransifa a yi mata alama. Ta kati kuma a fitar da jimlar ranar daga na'ura a manna takardar a shafin. In akwai cinikin da na'ura ta ce bai wuce ba amma mai kati ya ce an cire masa, a rubuta lokacin da adadin da lambar wayarsa, kada a ba da kaya a kan alkawarin cewa kuɗi za su shigo.

Lissafin kuɗi shi kaɗai ba ya kama wanda ya sayar bai rubuta ba ya kuma ɗauke kuɗin, domin littafi da durowa za su yi daidai. Abin da ke kama wannan shi ne ƙirgar kaya. Ba za ka ƙirga shago gaba ɗaya kullum ba, ba mai iyawa, wannan aikin wata-wata ne. Ka zaɓi kaya goma kacal, masu tsada ko masu saurin fita ko masu shiga aljihu: madarar gwangwani, man gyaɗa na galan, taliya, sukari, sabulu, lemon roba, ƙwai, da makamantansu. Kowanne a rubuta nawa ya kwana, nawa aka ƙaro daga sito ko daga dila, nawa ya rage da dare. Misali madara ta kwana gwangwani 48, ba a ƙaro ba, da dare aka tarar da 31. Gwangwani 17 suka fita. Littafi ya ce an sayar da 15. Ina biyun? Wataƙila ɗaya ta lotse an ajiye ta a ƙasan kanta, wataƙila an aika gidanka da ɗaya. Shi ya sa kayan da suka lalace a tanadar masu kwali ɗaya kada a zubar sai ka gani da idonka, kuma duk abin da aka ɗauka zuwa gida, naka ko na yayarka, a rubuta shi kamar bashi. Masu shago da yawa su ne ke cinye shagonsu ta wannan hanyar, kullum leda ɗaya, sai ƙarshen wata su ce yaro ne.

Bayan mako biyu ka zauna kai kaɗai ka karanta shafukan. In giɓin kuɗi ƙarami ne, wata rana ƙasa wata rana sama, wannan kuskuren canji ne, maganinsa haske da natsuwa. In kullum ƙasa yake kuma adadin kusan ɗaya, akwai abin da ake fitarwa kullum, ko dai kuɗin abinci da ba a rubutawa ko hannu. In kuɗi daidai amma kaya ɗaya ne kullum ke raguwa, wannan kayan ake bi. Ka kuma lura da ranaku: giɓin yana zuwa ne a ranar da wane ke kan durowa, ko a ranar da kai ba ka leƙo ba? Don wannan ya fito fili, durowa ta zama a hannun mutum ɗaya a rana. In za a miƙa ta bayan Azahar da ka iso, a ƙirga a gabanka kafin ka karɓa.

Yanzu firiza. Abin da na fi zato shi ne an kashe janareta an tafi, an bar makunnin sauya wuta a ɓangaren janareta, don haka ko da aka kawo wutar NEPA ba ta shiga shagon ba. Wannan mantuwa ce ta daƙiƙa biyu da ke cinye ribar mako. A jerin rufewa ka sa shi da sunansa: a kashe kayan wuta, a kashe janareta, a rufe famfon mansa, a mayar da makunni ɓangaren NEPA, a duba fitilar sitabilaiza. Sai dai barin wuta a shago cikin dare shi ma yana da hatsarinsa, domin ana yawan samun gobara idan aka dawo da wuta da ƙarfi ba kowa a wurin. Ka kira mai gyaran wuta wanda ya san aikinsa ya ware wa firiza layinta da makashinta daban, ta bi ta sitabilaiza mai jinkirta kunnawa, domin injin firiza yana son a ba shi 'yan mintuna kafin ya sake tashi bayan ɗaukewar wuta. Sauran duka, fanka, cajar waya, hita, a zare su daga soket. Na'urar POS a caja ta da rana, kada a bar ta a jone a kan kwali ta kwana.

Firiza mai kyau tana riƙe kaya a ma'aunin sanyi 18 ƙasa da sifili. In cike take kuma ba a buɗe ta ba, takan riƙe sanyi kusan kwana biyu ba wuta, in rabi ce kusan kwana ɗaya, amma a zafin Maris da Afrilu na Zariya kada ka dogara da wannan sosai, musamman in robar bakin murfin ta saki. Ga wata dabara da za ta gaya maka abin da ya faru cikin dare. Ka zuba ruwa rabin gora, ka kwantar da ita a firiza har ya daskare a gefe ɗaya, sannan ka miƙar da ita tsaye a lungu. Kowace safiya a ɗaga murfi a kalle ta. In ƙanƙarar na nan manne a gefen gora daga sama har ƙasa, sanyi bai yanke ba. In ta zube ta taru a gindi, to firizar ta narke cikin dare ko da yanzu ta sake daskarewa, kuma kifin da ya narke ya ɗumama sannan ya sake ƙanƙara ba abin sayar wa mutane ba ne.

Janareta kuma ba ya aiki a cikin shago ko a lungun da iska ba ta ratsawa, hayaƙinsa na kashe mutum ba tare da ya ji wari mai tayar da hankali ba. Ba a zuba masa fetur yana aiki ko da zafinsa. In za a shigar da shi ya kwana, a bar shi ya huce, jarkar mai kuma kada ta kwana kusa da firiza ko soket.

Sannan kulle. Kuɗin ciniki ba sa kwana a shago. Ko ka zuba su a asusu kafin dare ya yi nisa, ko ka tafi da su, kada kuma ka riƙa bin hanya ɗaya a lokaci ɗaya kullum da jaka a hannu. Durowa a bar ta a buɗe wayam, don wanda ya shigo kada ya farfasa kanta yana nema. A zagaya a duba taga da ƙofar baya da sito, a ɗaga kai a kalli silin, tun da ɓarayin shago sukan biyo ta rufi. Kowane kwaɗo, wanda ya danna daban, wanda zai ja shi da hannu ya tabbatar daban. Makullai su zama saiti biyu kawai, ɗaya wurinka ɗaya wurin mai buɗewa, kuma tunda ka taɓa tarar da kwaɗo a sake, ka canza shi yanzu. Duk ranar da wani yaro ya bar aiki ma a canza. A yi wa mai gadin layin sallama ya ga an rufe. Na ƙarshe, a ɗauki hoton shafin ranar da hoton ƙofa a kulle a turo maka a waya.

Safiya ba ta da tsawo in dare ya yi kyau. Kafin a sa makulli a tsaya a kalli kwaɗo da ƙofa. In an ga alamar taɓi, kada a shiga, a kira ka, a kira mai gadi da maƙwabta su shaida. In lafiya, a buɗe a ɗan tsaya a shaƙi iskar shagon, warin fetur ko na ƙonewar waya ba ya ɓuya, in an ji shi kada a taɓa makunni. A duba gorar firiza, a duba baƙin man janareta kafin a tayar da shi, a duba saura nawa a mita, a kunna na'urar POS a ga caji da takarda da sabis. A kalli ƙasan buhuna ko ɓera ya yi ɓarna, da damina kuma a duba yoyo, buhu kada ya zauna a kan siminti sai a kan katako. In kana da tukunyar kashe gobara, allurar agogonta ta kasance a kan kore. Sai a ƙirga kuɗin canji a ga 20,000 cif, a sake ƙirga kaya goman nan a gwada da lambar daren jiya. In sun saɓa, to tsakanin rufewa da buɗewa abin ya faru, kuma masu makulli biyu ne kawai. Wajen jera kanta, tsohon kaya gaba, sabo baya, ana duba ranar ƙarewar wa'adi, musamman yogot da burodi da lemo.

Duk wannan ka rubuta shi a kwali biyu da manyan baƙaƙe, na safe da na dare, bi da bi yadda ƙafa ke zagaya shagon, ka manna a bayan ƙofa. Yadda za ka shigo da shi ga ɗan naka kuwa, kada ka zo da shi washegarin faɗa. Ka kira su biyun ka ce shago ya girma, daga ranar Asabar ga yadda za a riƙa yi, kuma dokar ta hau kanka: ranar farko ka zari naira dubu a gabansu, ka ɗauki biro ka rubuta sunanka a shafin. Makon farko ka zauna da su kowane dare ku yi lissafin tare har hannunsu ya faɗa. Ka kuma yanke masa albashi bayyananne da kuɗin abinci, in ba ka riga ka yi ba, domin yaron gida da ake ce wa "ai shagonku ne" ba a ba shi komai, shi ne ke fara biyan kansa da kansa. In bayan mako uku shafukan suka nuna giɓi mai maimaituwa a ranakunsa, ka zaunar da shi kai da shi ka buɗe masa littafin ka ji ta bakinsa. Sai in ya ƙi gyarawa ne za ka ɗauki littafin ka je wurin yayarka, ka nuna mata ranaku da adadi da sa hannunsa. Allah ya sa albarka a kasuwa.